Injin miliyan 5 da ribar shekarar farko

"Na sayi inji na miliyan 5, ribata kafin haka miliyan 6, shin miliyan 1 kawai zan rubuta a matsayin riba bana?"

A'a, ba a cire kuɗin injin gaba ɗaya lokaci guda. In zai yi maka aiki shekara 5 kuma ba ka sa ran sayar da shi da komai a ƙarshe, sai ka riƙa cire miliyan 1 duk shekara, kaga ribar bana miliyan 5 kenan, duk da cewa kuɗin sun riga sun fita daga aljihunka.

Amma fa lissafin haraji daban ne, hukumar haraji tana da nata kason da ta yarda a cire, wani lokaci kason yafi yawa a shekarar farko. Ni da na fara, lissafin littafina na kai musu, suka maida miliyan ɗin nan cikin riba suka sa nasu kason, harajin ya sauya.