Abincin ma'aikata yana ragowa

"Ina dafa wa ma'aikatan masana'anta abinci a Yamai, kullum shinkafa na ragowa. Yaya zan san adadin da zan ɗora?"

Hajiya, bar lissafi da sunayen da ke rajista. Ƙirga kwanon da aka ci. Samu littafi, kullum ki rubuta, har mako huɗu, kina kwatanta Litinin da Litinin, Juma'a da Juma'a, don ranar Juma'a wasu daga masallaci gida suke wucewa.

A ce Litinin huɗu sun ba ki 112, 120, 108, 116. Matsakaicinsu 114 ne. Ƙara shida saboda tsaro, 120 ke nan. In kwano ɗaya na cin giram 150 na ɗanyar shinkafa, kilo 18 za ki auna.

Amma littafin bai san azumi ko ranar albashi ba. Waɗannan, tambayi shugaban ma'aikata da safe kafin ki ɗora tukunya.