Amsar Kawu kan tsohon aboki

"Kawu, akwai abokina da muka yi makaranta tare, shekara goma rabona da shi. Na samu lambarsa, kuma ya samu babban aiki a Abuja. Ya zan neme shi ba tare da ya zaci wata bukata ce ta kawo ni ba?"

Ɗana, ka ba ni dariya, ka kuma sa ni tunani. Yanzu har gaisuwa sai an nemo mata dabara?

A 1984, shekarar da aka canja kuɗi, na tafi Gusau neman wani abokina da muka yi karatun allo tare a Zariya. Shekara goma sha ɗaya ba mu ga juna ba. Ina ta shiri sai Baffa, Allah ya jiƙansa, ya tambaye ni me na riƙe. Na ce ba komai. Ya ce, "Zumunta a ƙafa take, amma ba a zuwa hannu rabbana." Ya sa na sayi goro ƙwarya guda, aka naɗe shi a ganye, aka yayyafa masa ruwa. Ya kuma gargaɗe ni kada in nemi ko allura a wannan zuwan.

Na isa bayan la'asar, na yi sallama a zaure. Da ya fito na ga fuskarsa a ɗaure, irin ta mai jiran a faɗi abin da ya kawo mutum. Lokacin yana da rufin asiri a harkar auduga, masu zuwa da bukata sun yi masa yawa. Ban fara da labarin kasuwa ba. Na ce na ji rasuwar Inna a makare, na zo ta'aziyya ne, kuma laifin shirun nan nawa ne. Muka shafa fatiha. Sai na tuna masa ɗumamen tuwon da take ajiye mana a akushi in mun dawo daga makarantar dare. Ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ƙwala wa yaro kira a kawo tabarma da fura.

Kwana biyu na yi. Da zai raka ni tasha sau uku yana tambaya, "Ba wata matsala dai ko?" Ina cewa lafiya lau. Alhali kuwa kuɗin makarantar yayanka na damuna, amma na haɗiye. Bayan wata huɗu sai ga shi da kansa a ƙofar gidana.

Ku kuwa yanzu sai ku tura "slm" a waya, kafin a amsa har an jero bukata. Shi ya sa kowa ke ɗar-ɗar da tsohon aboki.

Ka kira shi da muryarka, ka ambaci sunan da kuke kiransa da shi a makaranta, kada ka taɓo zancen Abuja. Amma ka lura kai ne ka fara kawo maganar aikinsa a tambayarka? Mahaifansa fa, suna raye? Ka fara binciko wannan tukuna.