Kafin ka sa hannu a takardar direba

"Maigida, mota za ta kawo siminti da rodi da bulo, kuma ni aka bar wa karɓa. In na ƙirga ya yi daidai da takardar da direba ya zo da ita, shikenan na sa hannu ko akwai wani abu?"

Kai yaro, takardar direba wa ya rubuta ta? Mai kayan ne ya rubuta abarsa, dole ta yi daidai da abin da ya loda mana. Abin da za ka riƙe a hannunka shi ne takardar oda, wadda mu muka rubuta muka ce ga abin da muke so. Ita za ka jera da ta direba layi-layi tun kafin a kwance igiya, inda suka saɓa kuwa ka tsaya nan. Ƙirga ba zan koya maka ba, wanda bai iya ƙirga buhu ba ai bai kamata a bar shi da sito ba.

Rodi nake so ka buɗe kunne a kai, don a nan aka taɓa yanka ni kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani aikin bene ne, mun zo dekin, aka yi odar tan 5 na rodi mai 12, wato mai kaurin milimita 12, tsawon mita 12. Shi mai 12 tan ɗaya yana ba da guda 94 ko kusa da haka, tan 5 kenan 470. Ina can wani aikin kaya suka iso, yaron da na bari irinku ne, waya a hannu ɗaya biro a ɗaya, ya ƙirga 470 cif, ya sa hannu, har da kira na yana murna wai komai ya cika. Takardar da ya sa wa hannun abin da aka rubuta kawai "rodi guda 470", babu kauri babu nauyi, shi kuma bai ga komai a wannan ba.

Ashe mai rodin nan, wanda muka shekara da shekaru muna ciniki har yana ce min ɗan uwa, ya jera mai 12 na gaske a bayan kowane dami ya cusa siriri a ciki. Da ido ba ka rabewa, musamman da gurzar jikin nan tasa da ke ƙara masa kauri. Aka yanka, aka lanƙwasa, masu ɗauri suka shimfiɗa suka ɗaure, kafinta ya gama katako, an kira leburori za a zuba kankare, sai ga injiniya. Ya duƙa ya auna nan ya auna can, ya sa aka yanko mita ɗaya aka ɗora a sikeli, kilo 0.75 maimakon 0.89. Ya dube ni a gaban yarana ya ce a kwance. Ni da ko bulo ɗaya ban taɓa ci na mai gida ba, ranar kallon ɓarawo aka yi min. Da muka bi lissafi wajen guda 300 mai 11 ne, kowane ɗaya ya gaza da kilo 1.7, rabin tan na ƙarfe kenan ya tafi a iska kuma an biya kuɗinsa. Na je wurin mai rodin ya zaro takarda yana min murmushi, ya ce ga sa hannun yaronka, an karɓa lafiya, siririn nan wa ya sani ko daga wani wuri kuka haɗo. Sabon rodi, kuɗin kwancewa da na sake ɗauri, duk daga aljihuna suka fita. Allah ya isa dai, ban yafe ba.

Kar ka raina milimita ɗaya. Ƙarfin rodi yana bin faɗin bakinsa ne, mai 12 yana da wajen murabba'in milimita 113, mai 11 kuma 95, kashi 16 cikin ɗari ya zube kenan, shi kuma injiniya da 113 ya yi lissafin abin da dekin zai ɗauka. Shi ya sa nauyi za ka bi. Ka ninka kaurin da kansa ka raba da 162, abin da ya fito shi ne kilon mita ɗaya. Mai 10 ya ba ka 0.62, mai 12 ya ba ka 0.89, mai 16 ya ba ka 1.58. Ka sa a kwance dami, kai da kanka ka zaro daga tsakiya, ba wanda yaron mota ya miƙo maka ba, a yanka mita ɗaya daidai a auna. Ɗan bambanci kaɗan ana samu daga kamfani, amma mai 12 ya sauko ƙasa da 0.85 kar ka karɓa, kira ni. Sannan ka ja tef a jikin wasu, don akwai masu kawo mita 11 da rabi a ninke, sai an zo haɗa baki a ga bai kai ba. In kuma odar da tan aka yi aka kawo maka guda 110 a matsayin tan ɗaya na mai 12, ba kyauta aka yi maka ba, siriri ne.

Siminti buhu kilo 50 ne, 20 ke yin tan. A jera goma-goma inda kake gani, ba a wuce da shi sito kai tsaye kana ƙirga kawunan masu ɗauka ba, don akwai mai shiga da buhu ya fito da shi ta baya ya sake shigowa. Duba lambar ƙarfin siminti da ke jikin buhun, in oda ta ce 42.5 aka kawo 32.5 to ba kayanmu ba ne ko da kamfani ɗaya ne. Ɗauki kamar biyar daga wurare daban ka ɗora a sikeli, wanda aka farke aka rage aka sake ɗinkewa a bakin za ka gane, zaren daban kuma buhun ya saki. Ka danna kusurwa da hannu, in ka ji dunƙule, murza shi, wanda ya marmashe dannewa ce kawai, wanda ya ƙi kuwa ya sha ruwa, ware shi gefe.

Bulo kuma ai ko ɗan koyo na sati ɗaya ya san inci 9 da inci 6. Fasassu daban za ka tara su, ba sa cikin lissafi, su mai bulo ya san da su. Ɗaga ɗaya daidai ƙugunka ka saki a ƙasa mai tauri, in ya tarwatse ya koma yashi an ƙwari siminti wajen bugawa. In kuma ya zo da danshi gefensa na zubewa a yatsa, bai gama shan ruwa ya bushe ba aka lodo shi.

Direba zai dame ka yana sauri yana da wani lodi, har ya ce maigidanka ma ba ya mana haka. Ƙarya yake, ƙyale shi ya yi ta hon. Ku yaran yanzu kunyar direba kuke ji amma ba kwa kunyar asarar mai gida. Abin da ka samu shi za ka rubuta a jikin takardarsa da hannunka, misali siminti 196 lafiyayyu 4 sun daskare an mayar, rodi mai 12 guda kaza mita ɗaya kilo kaza, bulo kaza fasassu kaza. Shi ma ya sa hannu a ƙasa, ka riƙe kwafi ɗaya, wayar nan da ba ta barin hannunka ta yi amfani yau ka ɗauki hoton takardar da lambar motar ka turo min kafin ta bar wurin.