Wace takardar shaida za ta ɗaga mai kula da magaza zuwa shugaban lojistik?

Tambaya: "Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekara bakwai nake riƙe da magazar wani kamfanin kayan masarufi a Tawa, da BTS ɗina na sarrafa kasuwanci. An buɗe gurbin shugaban lojistik, aka ɗauko wani daga Yamai. Ina ganin CLTD, CSCP da CIPS a intanet, amma Ingilishina kaɗan ne. Wacce zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka biya ko dala tukuna. Ka tara sanarwar ɗaukar ma'aikata guda goma na irin wannan gurbin, daga ANPE, daga jaridu da shafukan ƙungiyoyin agaji, ka karanta layin sharuɗɗa kawai. Na daɗe a harkar magaza da jigilar kaya a Yamai, na kuma zauna cikin masu tantance takardun masu neman aiki, kuma abin da ake fara dubawa shi ne matakin karatu. In an rubuta Bac+3, mai Bac+2 ba ya wuce tankaɗen farko, ko da ya haɗo takardar Amirka. Sau da yawa mai tantancewar farko ma'aikacin ofishin ma'aikata ne, bai taɓa jin CLTD ba, amma ya san lisansi.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce lisansin sana'a a fannin sufuri da lojistik, wadda shekara ɗaya ce a kan BTS in makarantar ta karɓi naka. Kafin ka yi rajista ka nemi a nuna maka takardar izinin gwamnati na wannan fannin kansa, domin makaranta tana iya samun izinin buɗewa alhali wani fanninta ba shi da shi. Ka kuma tambaya ko CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta amince da difilomar, don ita ce za ta sa a karɓe ta a Burkina ko Togo in aiki ya kai ka can. Yawancin masu darasin dare a Yamai suke, kuma tsakanin Tawa da Yamai ya wuce kilomita 500, don haka ko ka nemi mai karatu daga nesa, ko ka yi magana da maigidanka a kan canjin wurin aiki na ɗan lokaci.

Sai waɗanda ka lissafa. Ba abu ɗaya suke aunawa ba. CIPS ta Ingila ce, kuma ta masu sayen kaya ce: neman farashi, kwangila, ciniki da masu kawo kaya. Matakinta na huɗu darussa takwas ne. In ba kujerar sayayya kake hange ba, ajiye ta. CSCP da CLTD duka na ƙungiyar ASCM ne, wadda da ake kira APICS. CSCP tana duban sarƙar kaya gaba ɗaya daga mai samarwa har mai saye, ta fi dacewa da wanda ya riga ya hau shugabanci. Akwai ƴar uwarsu CPIM, ta tsara aikin masana'anta, wadda za ta yi wa ma'aikacin wuri irin masana'antar simintin Malbaza amfani fiye da kai. Wadda ta zauna daidai kan aikinka ita ce CLTD: ajiya, sarrafa kaya, sufuri, rarrabawa, da dawo da kayan da aka ƙi.

Jarrabawar CLTD ɗaya ce, tambayoyi 150 cikin awa uku da rabi, ana ba da maki daga 200 zuwa 350, kuma 300 ake ci da shi. Da Ingilishi ake yin ta. Lissafa ka gani: ƙasa da minti ɗaya da rabi ke gare ka a kowace tambaya, kuma tambayoyin na labari ne, amsoshi huɗu da biyu daga ciki suke kama da juna. Wanda sai ya juya jimla zuwa Faransanci a kansa kafin ya gane, lokaci zai ƙare masa ko da ya san aikin sarai. Littattafai da kuɗin jarrabawa sun haura sefa miliyan guda, faɗuwa kuma sai an sake biya. In ka ci, kowace shekara biyar sai ka tara maki 75 na ƙarin ilimi kafin takardar ta ci gaba da aiki. Ban hana ka ita ba, takarda ce mai nauyi a kamfanonin waje da na ma'adinai, amma ga wanda ya ce Ingilishinsa kaɗan ne, matakin shekara biyu masu zuwa ce. Ka gwada kanka da tambayoyin gwaji da agogo a gabanka. Sai ka ga kana gamawa cikin lokaci kana samun mafi yawa, sannan ka sayi jarrabawar. In kuma a gida za ka zauna ta ta kyamara, ka tuna da ɗaukewar wuta da rezo a lokacin zafi, ka tanadi batir da layi na biyu.

Akwai hanyar da ba ka ambata ba, wadda a yankinku ta fi kusa. Ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar masu lojistik a Tawa, kuma su takardun da suka sani daban ne. CHL, takardar lojistik ta aikin agaji, wadda Fritz Institute da cibiyar lojistik ta Ingila CILT suka kafa, ana yin ta daga nesa, akwai ta da Faransanci, kuma ayyuka ake ba ka kana rubutawa malami yana gyarawa. Bioforce ma tana horar da masu lojistik da Faransanci, ta buɗe cibiya a Dakar a 2017. Kafin ka kashe kuɗi, shafin intanet mai suna Kaya da na DisasterReady suna da darussa kyauta da za su nuna maka ko fannin ya kwanta maka.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, domin shi ne dalilin da ake ɗauko wani daga waje. Mai kula da magaza ana tambayarsa nawa ne a ciki. Shugaban lojistik ana tambayarsa yaushe za a yi odar, nawa za a kawo, kuma kuɗi nawa za su kwanta a ƙasa. Maigida zai iya yarda da amanarka ɗari bisa ɗari, amma bai taɓa jin ka amsa tambaya ta biyun ba. Duk waɗannan darussan, CLTD ko CHL ko lisansi, wannan lissafin suke koyarwa, kuma za ka iya fara shi gobe da katunan kayan da ke hannunka.

Mu ɗauki man girki, a matsayin misali. A ce kana fitar da katan 40 a rana. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano da Gaya sun koma ta Lome da Burkina, ana jiran ayari da rakiya, sannan daga Yamai a sake ɗorawa zuwa Tawa. A ce ka duba odar goma na baya, ka ƙirga kwanaki daga ranar da aka yi odar zuwa ranar da aka sauke a magazarka, ka ga matsakaicinsu kwana 45 ne, amma suna kaucewa sama ko ƙasa da kimanin kwana 10. A Excel, in kwanakin suna daga B2 zuwa B11, ga yadda za ka fitar da su biyun:

```
=MOYENNE(B2:B11)
=ECARTYPE(B2:B11)
```

Abin da za ka sayar kana jiran mota shi ne 40 sau 45, katan 1.800. In ka yi odar a daidai nan, kusan rabin lokaci kaya za su yanke, domin rabin motocin sun fi kwana 45. Sai an ƙara ajiyar kariya. In kana so a cikin odar 100 guda 95 su iso kafin kaya su ƙare, ana ninkawa da 1,65: wato 1,65 sau 40 sau 10, katan 660. Ke nan ranar da man ya sauko zuwa katan 2.460, ranar ake yin odar. Ka lura, abin da ke kan hanya wanda aka riga aka yi odarsa ana haɗa shi cikin ƙirgar, in ba haka ba za ka yi odar sau biyu.

Ga inda maigida zai miƙe zaune. In katan jika 20 ne, ajiyar kariyar nan sefa miliyan 13,2 ce a kwance. In ya ce shi ba ya son yankewa sam, a kai 99 cikin 100, lambar ta koma 2,33, ajiyar ta zama katan 932. Ƙarin katan 272 ne, kusan miliyan 5,4. Ka ajiye masa lambobin biyu ka bar shi ya zaɓa. Wannan ita ce maganar da ake so a ji daga bakin shugaban lojistik.

Lissafin yana da iyaka, kuma gara kai ka faɗe ta kafin a tambaye ka. Ya ɗauka cewa katan 40 ɗin ba ya canzawa, alhali kai ka san yadda mai da sukari suke tashi gab da azumi. Ga wannan lokacin sai ka sake lissafi da fitar azumin bara. Odar goma ma kaɗan ce, mota ɗaya da ta maƙale wata uku za ta kumbura lambar. Kuma in katin kaya ya ce 2.460 alhali 2.100 ne a ƙasa, duk aikin ya rushe. Don haka ka fara da ƙidaya: ka zaɓi kaya ashirin da suka fi cin kuɗi, ka riƙa ƙirga kaɗan kowane mako, kana rubuta sau nawa kati da ƙasa suka yi daidai. Alamar cewa lissafinka ya yi ƙasa ita ce yankewa fiye da sau ɗaya cikin odar ashirin. Alamar ya yi yawa kuwa, duk lokacin da mota ta iso ka tarar ajiyar kariya ko taɓa ta ba a yi ba, kwanan watan lalacewa kuma yana matsowa.

Ka yi wannan wata shida a kan kaya biyar kawai, ka rubuta shafi ɗaya: yankewa nawa kafin, nawa bayan, kuɗi nawa suka kwanta. Da wannan shafin za ka shiga wurin maigida ka nemi kamfani ya biya rabin kuɗin karatunka. Ka kuma sa mai lissafin kuɗinku ya tuntuɓi FAFPA, asusun da ke tallafa wa horon ma'aikata, don ta hannun kamfani ake shigar da buƙata.

Abu ɗaya da nake roƙonka ka kiyaye: horon kwana biyar a ɗakin otel, a ba ka takarda mai hatimin zinariya. Yawancinsu shaidar halarta ce kawai, kuma masu tantancewa sun san ta. Na ga samari sun zuba albashin wata biyu a irin wannan, abin ya yi min ciwo. Ka tambayi mai tallar abu uku: wa ke shirya jarrabawar, shin ana faɗuwa, kuma a wane shafi mai ɗaukar aiki zai duba sunanka ya tabbatar. In wanda ya koyar shi ne ya ba da takardar, kuma kowa ya ci, ka riƙe kuɗinka ka zuba su a rajistar lisansi.