Kada ƙimar da suka ƙara maka ta faranta maka rai

"'Yan'uwa, banki ya amince da ba ni rance, an kawo mini takardar jinginar kayan sana'ata in sa hannu. A wajen bayanin kaya sun rubuta 'injuna da kayan aiki' kawai, ƙimar da suka sa kuma ta fi abin da na san kayan za su yi yanzu. Jami'in ya ce ai ni hakan zai amfana. In sa hannu ko in dakata?"

Ɗan'uwa, dakata. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don kalmar da aka faɗa maka ita aka faɗa mini, kamar bakinsu ɗaya. Ni maɗaba'a gare ni, kuma na sa hannu a irin wannan takarda ban karanta jadawalin da ke bayanta ba. Bari in ba ka lissafina yadda yake, ka auna da naka.

Rancen miliyan 10 na karɓa. A jadawalin kaya an jera abu uku: injin ɗab'i miliyan 12, janareta miliyan 3, motar kai kaya miliyan 3, jimla miliyan 18. Miliyan 12 ɗin nan kuɗin da na sayi injin ne shekara huɗu kafin lokacin, daga rasit aka kwafo shi, babu mai ƙiyasin da ya zo ya ko taɓa injin. Na sani sarai ba zai yi haka a kasuwa ba. Na ma faɗa wa jami'in, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ƙima in ta yi yawa ai kai ta taimaka, fayil ɗinka zai wuce da wuri." Ni kuwa ga odar aiki tana jira, ga kuɗin takarda babu, sai na ji kamar gata yake yi mini.

Abin da bai nuna mini ba, ni ma ban nema ba, wani sakin layi ne can tsakiyar takardar. Ya ce dole a kowane lokaci ƙimar kayan jingina ta kai ninki ɗaya da rabi na bashin da ya rage, banki na da ikon sake ƙiyasta kayan duk sa'ad da ya ga dama, kuma ni zan biya mai ƙiyasin. A ranar sa hannu miliyan 10 tana buƙatar kayan miliyan 15, takarda ta nuna 18, kowa ya tashi da fara'a.

Bayan wata 14, ban taɓa fashin biya ko sau ɗaya ba, bashi ya sauko miliyan 8, sai ga mai ƙiyasi an turo. Mutumin bai yi mini rashin kunya ba, aikinsa ya yi. A bakinsa na fara jin cewa ƙima iri biyu ce. Akwai ta kasuwa, wato abin da kaya zai yi idan mai shi ya sayar a natse, ya jira mai saye na kirki. Akwai kuma ta sayarwar dole, abin da zai yi idan aka fitar da shi cikin gaggawa ko aka kai shi gwanjo, ita kuwa kullum ƙasa take. Takardata ta ce da ta dole za a yi aiki wajen sake ƙiyasi. Ka ga an shigar da ni da farashin saye, aka zo aka auna ni da farashin gwanjo. Inji ya dawo miliyan 7, mota miliyan 2.

Janaretan ne ya fi ci mini rai. Mai ƙiyasi ya durƙusa, ya goge farantin ƙarfen da ke jikinsa da tsumma, ya karanta lambar, ya duba jadawali, ya sake karantawa. Ba su zo ɗaya ba. Ashe lambar tsohon janaretan da na riga na sayar aka rubuta, saboda rasit ɗinsa ne ya fara faɗo musu a cikin tarin takardun da na kai. Ya ce a ganinsa wannan da ke gabansa zai yi miliyan 1.5, amma shi lambobin da ke jadawali aka ba shi ya ƙiyasta, don haka zai rubuta cewa bai ga janaretan da aka jinginar ba. Aka cire shi daga lissafi.

To lissafa da kanka. Bashin miliyan 8 yana son kayan miliyan 12, ni kuma an ce nawa miliyan 9 ne. Miliyan 9 ba ta iya ɗaukar bashin da ya wuce miliyan 6. Wasiƙa ta zo: ko in kawo ƙarin kadara ta miliyan 3, ko in rage bashin da miliyan 2, cikin kwana 14, in ba haka ba a ɗauke ni wanda ya saɓa yarjejeniya, duka kuɗin ya zama abin biya nan take. Da janaretan ya shiga, jimla ta zama 10.5, ta ɗauki bashin miliyan 7, da miliyan 1 kawai za a nema a hannuna. Layi ɗaya na lambobi da ban duba ba ya ja mini ƙarin miliyan guda cikin sati biyu.

Na koma wajen jami'in nan. Sau uku ina zuwa ana cewa yana taro. Ran na huɗu na tare shi a bakin ƙofa, na tuna masa maganarsa. Ko kallon idona bai yi ba, ya ce, "Ai kai ka sa hannu, Malam, kuma kai ka kawo rasit ɗin." Har cewa ya yi in gode Allah ba a zarge ni da jinginar da abin da babu shi ba, domin akwai sashen da na tabbatar da hannuna cewa duk bayanin jadawali gaskiya ne. Mutumin da ya riƙe mini kusurwar shafi yana nuna mini inda zan sa hannu, yana cewa duk takardun nan iri ɗaya ne! Har yau in na tuna murmushin nan nasa sai in ji ɗaci a bakina. Kwanakin nan 14 ban san barci ba. Ina zaune a ofis ina jin ƙarar inji, ma'aikata na ta aiki ba su san ana shirin kwashe abin da suke tsaye a kai ba. Filin da na ajiye wa yara na sayar a wulaƙance na cike gurbin.

Yanzu kan taka takardar. "Injuna da kayan aiki" ba bayani ba ne, buhu ne mai faɗin baki, komai yana shiga. Ka nemi a rubuta kowane abu a layinsa: sunansa, kamfanin da ya ƙera shi, samfurinsa, shekararsa, lambar da ke jikinsa, da inda yake ajiye. Mota kuma a sa lambar rajista, lambar jikinta da ta injinta. Kada ka kwafo daga rasit. Ɗauki jadawalin a hannunka ka je gaban kowane inji, ka haska farantin, ka ɗauki hoto, ka bi lamba ɗaya bayan ɗaya, wani na karantawa kana dubawa. Sifiri da harafin O suna ruɗa ido, haka 1 da I.

Ka kuma lura ko an ƙara da cewa "na yanzu da waɗanda za a samu nan gaba", ko "duk abin da ke harabar". Nawa akwai wannan, shi ya sa mai ƙiyasi ya so ya rubuta injin yankan takarda na surukina da ke ajiye a wajena a cikin rahotonsa. Wato janaretana bai ƙirgu a lissafin ƙima ba saboda lamba, amma in ranar kwashe kaya ta zo jimlar nan mai faɗin baki za ta iya haɗiye shi, ta jawo rigima har kan kayan wani. Sai da surukin ya kawo shaidar saye aka ƙyale injinsa, washegari ya turo mota ya ɗauke abinsa, kuma gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Ban ga laifinsa ba. Idan akwai kayan aro, na haya, ko wanda ba ka gama biyan kuɗinsa ba a wurinka, a rubuta sunansa a fili cewa ba ya cikin jingina.

Tambayi kuma wace irin jingina ce a kan kowane kaya. Wadda aka ɗaure a kan takamaiman inji tana hana ka sayar da shi ko musanya shi sai da rubutaccen izinin banki. Wadda ke bin haja da kuɗin da kake bin mutane tana barinka ka ci gaba da saye da sayarwa, har ranar da aka ce ka saɓa, sai ta kama duk abin da ta tarar. In aka sa hajarka ta yau da kullum a ƙarƙashin ta farkon, a takarda ka saɓa tun ranar da ka yi cinikin farko.

Batun ƙima, tambaya huɗu nake yi yanzu kafin in taɓa biro: wa ya ƙiyasta, yaushe, ta kasuwa ce ko ta dole, kuma da wacce za a auna ni nan gaba. Ka ce a ba ka kofin rahoton mai ƙiyasi, ka ga ko alƙalumansa sun yi daidai da na jadawali. In babu rahoto, to lambar nan daga kan wani ta fito. Gara a ba ka rancen da ya gaza abin da ka nema a kan ƙimar gaskiya. Kada kuma ka ɗauka lambar da aka rubuta alkawari ce cewa a haka za a sayar da kayanka. In aka sayar kuɗin bai biya bashin ba, ragowar na nan a wuyanka. Duba ma adadin da jinginar ke tsarewa, shin wannan rancen ne kaɗai, ko an ce duk wani kuɗin da bankin ke binka yanzu da nan gaba. Na biyun yana nufin ko ka gama biyan wannan, kayanka na iya zama a ɗaure saboda wani ɗan bashin daban.

Af, inshora. Ni a kan miliyan 18 aka sa na riƙa biyan kuɗinta, alhali da gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ba lallai su biya abin da ya wuce ƙimar kayan ta lokacin ba. Wannan ma asara ce da ban gane ba sai daga baya.

Ka karɓi takardar ka tafi da ita gida, ka kai wa lauyanka, ba na banki ba, shi nasu aiki yake yi musu. Duk gyaran da aka yarda da shi a sake buga shafin, ko aƙalla kai da su ku sa hannu a gefen gyaran, kada ka yarda da "za mu gyara daga baya". Ni gyaran lambar janaretana wata uku ya ɗauka, da sabuwar takarda da sabon kuɗin lauya, saboda an riga an yi rajistar jinginar da lambar da ba daidai ba, sai da aka bi can ma aka gyara. In jami'in naka ya ce tayin zai wuce idan ba ka sa hannu yau ba, ce masa ya nuna maka ranar ƙarewar a jikin wasiƙar tayin.