Yadda ake lissafin cinikin da bai faɗa ba tukuna

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani shagon sola a nan Sakkwato. Duk farkon wata maigidana sai ya ce in faɗa masa nawa za mu sayar. Yanzu haka ina da mutum 13 da muke magana da su, aikinsu duka ya kai naira miliyan 30. In na faɗa masa haka, wata ya ƙare ba mu yi ko rabi ba, sai ya ga kamar ƙarya nake. An ce akwai tsarin matakai da ake bi a yi hasashe. Don Allah yaya abin yake?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma harkar sola da fanfon ban ruwa nake yi, kuma na daɗe ina wannan lissafin, don haka bari in ba ka yadda muke yi a aikace.

Miliyan 30 ɗin nan kuɗin da ake magana a kansa ne, ba kuɗin da zai shigo ba. A cikin mutum 13 akwai wanda ya biyo ta Emir Yahaya Road ya ga fanel a ƙofar shago ya leƙo ya tambayi farashi, akwai kuma wanda ya riga ya turo kafin alƙalami yana jiran ku zo da tsani. In ka tara su wuri ɗaya ka daidaita mai tambaya da mai biya. Aikin tsarin matakan da ka ji, wato layin ciniki, shi ne raba su, kowa ya tsaya a matakin da ya kai.

A sana'armu matakai biyar sun isa. Na farko tambaya: mutum ya kira ko ya turo saƙo, ya faɗi abin da yake so. Na biyu duba wuri: ya ba ku lokaci kun je gidan ko shagon, kun ƙirga fankoki da firji da na'urar sanyaya ɗaki, kun hau kun ga rufi. Na uku kotashan, wato kun ba shi farashi a rubuce, da girman inbata da yawan batir da fanel, ya karɓa. Na huɗu ciniki, na biyar kafin alƙalami. Bayan nan ko dai aiki ya tabbata ko ya faɗi, kuma duka biyun ana rubuta su.

Wurin da nake so ka tsaya da kyau shi ne abin da ke ɗaga mutum daga mataki zuwa na gaba. Abin da ya aikata ake dubawa, ba abin da ya faɗa ba. Ka san mutanenmu da kara. Alhaji ba zai dube ka ya ce ba ya so ba, zai ce "madalla, in sha Allahu zan neme ka bayan sallar Juma'a", kai kuma ka koma shago da murna ka rubuta cewa aiki ya kusa. Wannan maganar ba ta matsar da shi ko taku ɗaya ba. Ni ba na sa mutum a matakin ciniki sai ya dawo da kansa kan takardar, ya ce a rage masa, ko a sauya batirin litiyom da mai arha, ko a raba masa biya kashi biyu. Wanda ya fara jayayya kan farashi ya fi wanda ya yaba farashin kusa da saye. Sharaɗi na biyu kuma, dole mai maganar ya zama shi ne mai fitar da kuɗi. In makarantar kuɗi ce kana ta zama da hedimasta alhali mai makarantar bai ma ga takardar ba, har yanzu kana kotashan, ko da hedimastan ya rantse maka.

To daga ina kason kowane mataki yake fitowa? Daga tsohon littafinku. Ɗauko mutanen da maganarsu ta riga ta ƙare, waɗanda suka saya da waɗanda suka tafi, ka ƙirga iya inda kowa ya kai. Bari in sa alƙaluma na misali don lissafin ya yi sauƙi. Mu ce mutum 100 suka yi tambaya. Cikinsu 40 suka bari aka je duba wuri, 25 suka karɓi kotashan, 14 suka zauna ciniki, 11 suka ba da kafin alƙalami, 10 aka ɗaura musu sola suka cika kuɗi. Sai ka raba 10 ɗin nan da yawan waɗanda suka taka kowane mataki. Tambaya ta ba ka kashi 10 cikin 100, duba wuri kashi 25, kotashan kashi 40, ciniki wajen kashi 70, kafin alƙalami wajen kashi 90. Lura cewa ko kafin alƙalami bai kai 100 ba, domin akan samu wanda wata lalura ta taso masa ya zo ya karɓi kuɗinsa.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Wani zai ga 40 cikin 100 sun wuce daga tambaya zuwa duba wuri, sai ya rubuta wa tambaya kashi 40. A'a, wannan kason hayewa mataki ɗaya ne kawai. Abin da hasashe ke buƙata shi ne kason kaiwa ƙarshe, shi ne 10. Wanda ya rikita waɗannan biyun zai ninka hasashen matakin farko har sau huɗu bai sani ba.

Yanzu mu ɗora mutanenka 13 a kai. Tunda ba ka rarraba su ba, zan ƙaddara. A ce biyar suna tambaya, aikinsu miliyan 10, kashi 10 nasa miliyan 1 ke nan. Uku an duba musu wuri, miliyan 8, kashi 25 ya ba da miliyan 2. Biyu suna riƙe da kotashan na miliyan 5, kashi 40 shi ma miliyan 2. Biyu suna ciniki kan miliyan 4, kashi 70 ya zama miliyan 2.8. Ɗaya ya ba da kafin alƙalami kan aikin miliyan 3, kashi 90 ya zama miliyan 2.7. Jimla miliyan 10.5. Ka ga dalilin da ya sa ba kwa yin ko rabi: kusan kashi ɗaya cikin uku ne dama layin yake ɗauke da shi. A Excel ko Google Sheets, in kuɗin aiki yana shafin C, kaso kuma yana D a rubuce da alamar %, kamar 10%, layi ɗaya ne:

```
=SUMPRODUCT(C2:C14,D2:D14)
```

Dalilin da ya sa wannan ya fi ƙiyasin kai gaskiya shi ne bai dogara da yadda kake ji game da kowane mutum ba. Ba ka san wane ne cikin biyar ɗin nan zai saya ba, amma littafi ya nuna maka cewa a irinsu goma ɗaya ne ke saye. Kamar dillalin albasa ne da ya ajiye buhu ɗari a rudu: bai san wace za ta ruɓe ba, amma ya san kimanin abin da zai zube kafin ya fitar, kuma da shi yake lissafi.

In kuna amfani da manhajar bibiyar ciniki irin HubSpot, za ka tarar ta zo da nata kason a shirye, 20, 40, 60, 80 da 90. Ana iya canza su, kuma ka canza. Waɗannan lambobin ba daga cinikin shagonku aka samo su ba.

Sai inda lissafin yake yaudara, kuma gara ka sani kafin ka kai wa maigida. Babba a ciki shi ne aiki ɗaya mai nauyi. A ce wani asibiti mai zaman kansa ya karɓi kotashan na miliyan 12. Lissafi zai ce miliyan 4.8, amma ba ranar da miliyan 4.8 za ta shigo daga wurinsu, ko 12 ko babu. Kaso yana aiki ne in ayyukan suna da yawa kuma girmansu bai yi nisa da juna ba. Aikin da shi kaɗai ya kai sulusin layi, ni cire shi nake yi in rubuta shi gefe, in ce ga hasashe in ya faɗa, ga hasashe in bai faɗa ba.

Na biyu, ayyukan da suka mutu a tsaye. Kotashan ɗin da aka bayar wata uku da suka wuce, mai shi ba ya ɗaga waya, amma yana zaune a takarda yana cin kashi 40. Ka ƙara shafi na ranar da mutum ya shiga matakin da yake. Duba littafi ka ga kwana nawa waɗanda suka saya suka saba yi a nan. Wanda ya ninka haka ba tare da wani motsi daga gare shi ba, ka rufe shi a matsayin ya faɗi. A sola ma abin ya fi sauƙi, tunda farashin batir da inbata yana bin dala, tsohon kotashan ya riga ya tashi aiki. In ya dawo, maraba, a buɗe masa sabo. Alamar da za ka gane layi ya cika da irin waɗannan ita ce jimla tana ta hauhawa wata bayan wata, kuɗin da ke shiga asusu kuwa yana nan inda yake.

Na uku shi ne lokaci, kuma shi ya fi shafar tambayar maigidanka. Miliyan 10.5 na nufin abin da waɗannan mutanen za su kawo daga ƙarshe, ba lallai a watan nan ba. In daga tambaya zuwa biya yakan ɗauki sati shida, masu tambaya biyar ɗin nan na watan gobe ne. Kowane aiki ka sa masa ranar da kake sa ran rufewa, ka tara na cikin wata kawai. A misalinmu, in kotashan da ciniki da kafin alƙalami ne kaɗai za su iya rufewa cikin kwana 30, abin da za ka faɗa masa miliyan 7.5 ne. Kuma ka bayyana masa cewa ciniki ne wannan ba tsabar kuɗi ba, don wanda aka raba wa biya zai cika ne daga baya.

Kason ma ba ɗaya ba ne duk shekara. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke hana barci, mai kotashan ba ya daɗewa yana shawara. Da hunturu kuwa sai ya ce a bari tukuna. Manoman fadama na wajen Wurno da Goronyo masu neman fanfon sola lissafinsu daban, suna motsi ne in sun sayar da amfani. Aikin ma'aikatar gwamnati shi kam kada ka taɓa haɗa shi da na gidaje, tafiyarsa daban ce. In kana da isassun bayanai, kowane rukuni ka fitar masa da kasonsa. In ba ka da su, fara da abin da ke hannu, ko mutum 30 ne, amma ka sani da ƙananan lambobi mutum biyu kacal suna iya karkatar da kaso sosai, don haka ka riƙa zagaye shi zuwa goma-goma.

Ƙarshen kowane wata ka ajiye abin da ka hasasa kusa da abin da aka sayar. In wata uku a jere hasashe yana sama da ciniki, koma ka duba mataki-mataki ka ga inda aka fi zubewa. Yawanci a matakin ciniki za ka same shi, don nan ne yaran shago suka fi tura mutum da wuri saboda ya yi musu fara'a. Ka tsaurara sharaɗin shiga matakin tukuna, sannan ka sake ƙirga kason. In ka turo yadda mutum 13 ɗin suka rabu, ba sai da sunaye ba, mataki da kuɗi da kwanan wata kawai, sai mu buga naka lissafin a nan kowa ya gani.