Bot ɗina na ruɗewa lokacin gyaran kasuwa

"Salam 'yan uwa. Jiya da dare kasuwar da nake ciniki ta rufe don gyara, bot ɗina ya yi ta jefo kuskure har ya mutu. In sa shi ya riƙa sake tura odar har sai ta shiga?"

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, don Allah kar ka yi haka. Ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, domin abin da ya ci ni ke nan bara.

Wani yaro ne a nan Katsina ya sayar mini da bot, naira dubu 40, ya rantse mini ya gwada shi wata shida. Abin da ya rubuta a ƙarƙashin wurin tura oda shi ne:

```python
except ccxt.NetworkError:
    time.sleep(2)
    continue
```

A ccxt, wato manhajar da bot ke magana da kasuwannin kirifto ta cikinta, `RequestTimeout` da `OnMaintenance` duk 'ya'yan `NetworkError` ne, wannan layin kuwa ya zuba su a kwando ɗaya. Alhali ba ɗaya ba ne. Na biyun yana nufin an rufe ƙofa. Na farkon yana nufin ka aika saƙo, ka jira daƙiƙa 10, ba a amsa ba. Wataƙila odarka ta shiga, amsar ce ta maƙale a hanya.

A daren da abin ya faru, sanarwar kasuwar ta ce gyara ƙarfe 02:00 UTC. Mu muna gaban UTC da awa ɗaya, wato ƙarfe 3 na dare ke nan, ni kuwa ban ma duba sanarwar ba. Gab da rufewa sabarsu ta yi nauyi. Bot ya tura odar sayen USDT 200, shiru. Ya sake, shiru. Sau biyar, kuma duk biyar ɗin sun shiga. Na dawo daga sallar asuba a Ƙofar Ƙaura, na buɗe waya ina jiran shayi ya tafasa, na ga USDT 1,000 sun tafi, kasuwa a rufe, maɓallin sayarwa ya yi fari ba ya dannuwa. Rabin kuɗin na yayana ne da ya ba ni amana. Wallahi shayin nan har ya ƙone a tukunya ban sani ba. Da aka buɗe, farashi ya dira ƙasa, bot ya sayar da na 200 kaɗai, don su kaɗai ya san ya saya. Sauran 800 na sayar da hannuna bayan sun zube da kashi 18 cikin ɗari.

Na kira yaron sau goma sha ɗaya. Da ya ɗauka sai ya ce wai netwok ɗina ne. Netwok ɗina! Bot ɗin a saba ta haya yake zaune, ina ruwansa da layin wayata? Washegari ya toshe ni. Har yau in muka haɗu wajen ɗaurin aure sai ya sunkuyar da kai. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

To ga yadda nawa yake yanzu. Kowace oda ina ba ta `clientOrderId` nawa, wato lambar shaida da ni na zaɓa, in rubuta shi a fayil kafin a tura. In amsa ba ta zo ba, ko aka dawo da lambar kuskure 503, bot ba ya cewa ta faɗi, yana cewa bai sani ba, ya daina tura komai. Sai ya tambayi kasuwa da `fetch_open_orders` da `fetch_closed_orders` ko lambar nan tana can. Kar ka dogara da cewa za su ƙi lambar da aka maimaita, wasu kasuwannin suna karɓarta in ta farkon ta riga ta cika.

Gyaran da aka sanar mai sauƙi ne. Minti 30 kafin lokacin na daina buɗe sabon ciniki, na soke odojin da ke jira. Dakatarwar ba-zata ce mugu, don takan shafi kuɗi ɗaya tak, sauran kasuwa na tafiya, `fetch_status` kuma ya ce maka `ok`. Shi ya sa nake sake `load_markets(True)` in duba `active` na wanda nake ciniki a kai. Kuma ka sani, odar tsaida asara ba ta ceto a lokacin, ko a wurinsu ka ajiye ta, tunda injin haɗa ciniki ne ya tsaya. Ni dai tun daga ranar ba na barin kuɗin wani ya kwana a ciki.

Wajen leƙawa ko an buɗe, fara da daƙiƙa 5, sai 10, sai 20, har minti 5. In ka matsa musu za ka ga lambar gargaɗi 429, in ka ci gaba su toshe ka daidai lokacin da kake buƙatarsu. An buɗe ma kar ya yi gaggawa. Wasu sukan fara da soke oda kaɗai, littafin oda kuma fayau yake. Nawa yana jiran minti 15, ya kwatanta `fetch_balance` da abin da ke fayil ɗinsa, in sun saɓa ya turo mini saƙo ya tsaya cak har in farka.

Turo mana layukan ƙarshe da ya rubuta kafin ya mutu, ka goge makullan API ɗinka tukuna. Kuma ka duba tarihin cinikinka na jiya yanzun nan, kar a ce akwai odar da ta shiga ba ka sani ba.